Mita ɗayan da na manta a Kebbe

Bayan isha'i ina duba takardun dekin, wato rufin kankare, na ɗakin haihuwa a wata asibiti da muke ginawa a Kebbe, zamanin kuɗin fetur, sai na gano kuskure. Da kaina na yi lissafin rodi bisa tazarar mita uku tsakanin bango da bango. Daga baya aka faɗaɗa ɗakin zuwa mita huɗu, na manta ban sake lissafin ba.

Ƙarin mita ɗayan nan kusan ninka ƙarfin lanƙwasa yake yi a tsakiyar dekin. Ranar cire katakon da ke tallafe da shi, dekin zai lotsa, ko ya tsage.

Ga shi da safe za a zuba kankare, har leburori sun iso daga Tambuwal.

Na sami Baba Mani, tsohon magininmu, na ce, "Baba, na yi kuskure."

Ya ce, "An zuba?"

"A'a."

"To, mi kaka tsoro, Injiniya? Kankare ɗai ba ya jin ban haƙuri."

Kwana uku muka ƙara. Muka sa sabon rodi tsakanin kowane biyu, kaurin dekin ya tashi daga inci biyar zuwa bakwai.

A ɗakin nan aka haifi jikata bara.

Ku wa ya taɓa sauƙaƙa muku faɗin "na yi kuskure"?