Goma Sha Bakwai na Mamuda Helma

Mamuda helman leburorin hanya ne, mil goma sha biyu na titin da ya fito daga Yelwa ya nufi Kontagora suna hannunsa. Ni tela ne a bakin tasha, gidana da nasa katanga ɗaya, amma ba zan ce na san cikinsa ba. Mutum ne da in ka gaishe shi zai amsa, in ka ƙara magana ya dubi hanya. Aikinsa cike ramuka da jar ƙasa, da share kwalbati, da tsayawa da jan ƙyalle inda ake gyara. Yana kuma da wani ɗan littafi a aljihu da yake rubutu a ciki da ajami, abin da ya sa wasunmu suke cewa ɗan rahoto ne.

Tun da aka fara aikin madatsar Kainji hanyar ta haukace. A shekarar da ruwa ya taso aka kwashe mutanen tsibirai zuwa sababbin ƙauyuka, motocin katako ba sa hutawa: buhunan albasa, kwandunan kifin banda, sannan mutane a can bisa kaya suna riƙe da igiya.

Rannan muka ji Mamuda ya roƙi sarkin tasha, Alhaji Sanusi, ya tara direbobi da dillalan kifi, yana so tasha ta kafa doka a daina ɗora mutum a kan kaya. Nan take zance ya rabu. Wasu suka ce Turawan madatsa suka turo shi. Wasu suka ce gaba ce, domin shekara biyu da suka wuce 'yarsa ta fari ta faɗo daga motar Tanko direba ta rasu. Ni ina cikin masu cewa gaba ce, ba zan ɓoye ba.

Ana jibi taron na jiyo matarsa Hafsatu ta bayan katanga. Ba laɓe na yi ba, katangar ce gajera.

"Ka ba su labarinta, Malam. In sunka ji abin da mutumen nan ya yi muna, zukatansu za su karye."

"In na hwara da ita, cewa za su yi kuka na zo yi," in ji shi. "Lissahi zan ba su."

Ranar taro aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin maɗaci. Mamuda ya miƙe, ya buɗe littafi, ya yi magana kamar mai karanta sunayen leburori. A shekara huɗu, in ji shi, mutum goma sha bakwai suka mutu a mil goma sha biyun nan. Sha biyu daga cikinsu a kan kaya suke. Tara a kwanar Kwalbatin Dudu suka faɗi, inda hanya ta karkata, mota mai dogon kaya take rinjaya. Ya faɗi wata da rana, ya faɗi abin da kowace mota ta ɗauko.

Wani dillali ya ce ai motoci sun yi yawa ne, dole mutuwa ta yi yawa. Mamuda ya ce motocin da suke bin kwanar su ne suke bin miƙaƙƙiyar hanyar da ke gabanta, mil huɗu cur, kuma mutum ɗaya kaɗai ya mutu a can. Amsa ce mai kyau, na yarda. Sai dai ba wanda ta taɓa. Wani ma gyangyaɗi yake, masu kallonsa kuma kallon tuhuma suke yi, kowa yana jira ya ga inda zai ɓullo wa Tanko. Ya ƙare bai ambace shi ba, sai abin ya ƙara ɗaure mana kai.

Tanko ne ya tashi da kansa.

"Ranka shi daɗe, ni ban yi karatu ba, amma na iya ƙirga. Na saurari ranakun nan duka, ban ji tawa ba. Sha takwas na, ba sha bakwai ba. Wanda ya cire ɗaya, wa ya san mi ya ƙara? A tambaye shi don mi."

Wurin ya ɗauki surutu. Alhaji Sanusi ya ce, "Malam Mamuda, littahin naka yanzu ya zama abin shakka. Ka cika shi, ko mu tashi."

Mun san mutum ba ya kama sunan ɗansa na fari, balle a gaban jama'a. Duk zamanmu ban taɓa jin Mamuda ya kira ta da wani abu ba sai "yarinyar nan". Na zaci da kunyar zai fake, kuma da ya fake da an yi masa uzuri, dokar ta mutu a nan. Ya rufe littafin ya mayar aljihu.

"Sha takwas na. Tanko ya yi gaskiya. Ta sha takwas Asama'u ta, ɗiyata."

Wani tsoho ya ce subhanallahi a hankali.

"Ta zo ganin gida, za ta koma wurin mijinta Ngaski. Motar Tanko ta cika, bai tsaya ba. Ni na ɗaga mashi jan ƙyalle. Ya ce babu wuri, na ce akwai bisa kaya. Ya ce kayan sun yi tsawo, Helma. Na ce ni na san hanyag ga, ni ka gyaranta. Da hannuna na tura ƙahwarta ta hau." Ya dubi hanya. "Na cire ta don kada ku ce zahin rai ya kawo ni, kuma don ina jin kunyar kaina. Na yi kuskure. Kada ku kahwa doka don ni. Sha uku cikin sha takwas bisa kaya suke, goma wurin kwana guda. Ni da na hi kowa sanin hanya na ɗora tawa, to wa zai ƙi, in ba doka ta hana shi ba?"

Sai ya zauna. Ni kam kunya ta rufe ni, ga tausayi, ga haushin kaina na shekara biyu ina karanta mutum a baibai.

Ba a ba shi duk abin da ya nema ba. Ya so a tara ƙasa a hanya gabanin kwanar don motoci su rage gudu, aka ce wannan sai an rubuta wa hukuma. Amma dokar hawa kan kaya ta zauna, aka kuma yanke a gitta gora a sama a ƙofar tasha, duk motar da kayanta suka taɓa ta a rage. Dillalai sun yi gunaguni, wasu direbobi sun riƙa ɗaukar mutane a bayan gari, ba zan ce an daina sam ba. Tanko ne ya fara rage nasa kayan.

Labari ya riga Mamuda isa gida, mata sun kai. Da la'asar na ji ya yi sallama, ba a amsa ba. Can sai muryar Hafsatu, ba ta ko ɗaga ta ba.

"Shekara biyu ina kai ƙarar Tanko wurin Allah bayan kowace salla. Kana ji, Malam. Kana kwance kana ji."



Washegari da hantsi ina buɗe shago, Mamuda yana ƙofar tasha yana ɗaure gora. Hafsatu ta zo ta wuce ta gabansa da mayafinta, ba ta dube shi ba, ta tsaya wurina ta tambaye ni wace ƙofa ce gidan Tanko.