Shalom ɗin 'Yata

Mijina mai wa'azi ne a ƙaramar majami'ar Maiyama, tun muna ƙarƙashin jihar Sakkwato, ni kuma ina koyarwa a firamare. Daga makarantar koyon Nassi ya dawo da ƙamus na Ibrananci zuwa Turanci, ƙato kamar tubali, yana lallaɓa shi fiye da yadda yake lallaɓa ni. Ni ba na iya gani in yi shiru, don haka duk ranar da ya buɗe shi a tabarma sai na tsoma baki.

Wata rana na leƙa na ga kalma guda, shalom, an jera mata ma'anoni har ƙasan shafi: cikar abu, ƙoshin jiki, wadata, zaman lafiya, aminci tsakanin mutane. Na ce, "Malam, masu littahin ga ba su san amsa ba na, sunka zuba duka?"

Ya yi dariya. "Uwargida, in kin ce ma baƙo ya sauka lahiya, da in kin ce gari na zamne lahiya, da in likita ya ce kin samu lahiya, abu guda kika nuhi?"

Na ce a'a. Ya ce to haka nan ne. Masu ƙamus sun bi duk wuraren da kalmar ta fito, suka rubuta aikin da ta yi a kowane wuri, kuma Turanci ba shi da kalma ɗaya da za ta ɗauke su duka. Na ce, sai mutum ya ɗauki ta farko ke nan? Ya ce a'a. Ya haɗa su duka? Nan ma a'a. Sai an duba wa ke magana, da wa yake yi, me ya zo kafin ayar, me ya biyo baya, da yadda marubucin ya yi amfani da kalmar a wasu wurare. Wadda ta fi yi maka daɗi kuwa, ita ce za ka fi tuhuma. A kan wannan ba ya sassauta wa kowa, ko dattawan majami'a sun sha jin haushinsa.

'Yarmu ta fari da ciwon sikila aka haife ta. Yarinya ce mai kaifin basira, ta taso tana jin muhawararmu, kuma ta ɗauka ubanta ba ya faɗin abin da ba haka ba. A shekarar da ta gama firamare ciwon ya kayar da ita sosai, muka kai ta asibiti a Jega. Maƙwabcinmu, malamin allo, shi ya nemo mana motar 'yan albasa da za ta koma Aliero, ya bi mu da addu'a.

A bakin gadonta na buɗe Nassi na ci karo da wata aya a cikin annabawa, mai alkawarin shalom mai yawa ga 'ya'ya. Zuciyata ta yi tsalle. Na jawo mijina waje, gindin dalbejiya, na ce, "Ƙoshin jiki na cikin jerin nan, da idona na gane shi. Ka ce ita ta ma'anar ayar ga."

Ya ce da birni ake magana a wurin, birnin da aka rushe za a sake ginawa, kuma ayar da ke biye zancen tsira daga zalunci da tsoro take yi. Zaman lafiya da wadatar mutanen birnin ake nufi, ba warkewar wani majinyaci ba. Na tsane shi a lokacin, tsana ta gaske. Na koma ciki na gaya wa yarinyar cewa Allah ya yi alkawari a rubuce za ta warke, kuma har yau ban ga laifina ba.

Da ya shigo, ta miƙa masa hannu, idonta ya yi rawaya kamar an shafa kurkum. Ta ce, "Baba, Inna ta ce kalmar na nuhin in warke. Kai ka da ƙamus. Hakanan na?"

Ya dube ni, ya dube ta. Ya ce, "Hakanan na, ɗiyata."

Ta yi murmushi, ta gyara kwanciya, ta yi barcin da ta daɗe ba ta samu ba. Ba ta ƙara yin wata doguwar magana ba har ta cika.

Bayan an yi jana'iza a Maiyama, masu gaisuwa sun watse, na same shi zaune a bayan ɗaki, takalmansa duk jar ƙasa. Na durƙusa kusa da shi, don ina ganin a ranar nan ya nuna mini ƙaunar da bai taɓa nunawa ba. Na ce, "Malam, na gode da abin da kac ce mata."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Kak ki gode min. Tambaya guda tay yi min da gaske duk rayuwatta, kuma amsar da nib ba ta ke nan."