Satar Gida da Marafan Lemo

Lokacin da nake da gidan kallon ƙwallo a Anka, baki ne jarina. Manomi ko makiyayi ya shigo bai san gola ba, kafin a tafi hutun rabin lokaci na mai da shi mai gardama. Har cika baki nake cewa ko jaki aka kawo mini zai fita ya san fenariti.

Sai yayata ta kawo mini ɗanta. Yana rarrafe gubar dalma ta kama shi a ƙauyensu, lokacin da ake daka dutsen zinariya a tsakar gida. Ya rayu, amma karatu ya ƙi zama a kansa, har malamansa suka gaji.

"Ƙwallo ɗai shika so," in ji ta. "In ya riƙe dokokinta, na san kan nan bai mutu ba, in mai da shi makaranta."

Taɓa ƙwallo da hannu bai ba mu wuya ba. Na ce masa daga yatsa har damtse, kada ya kai wa ƙwallo da gangan. Gola kaɗai aka yarje wa, shi ma a cikin da'irarsa. Ya riƙa gudu hannu a baya kamar mai kaciya, muna dariya.

Satar gida ce ta gagara. Na jera marafan lemo a ƙasa. "Ga gola, ga ɗan bayansu na ƙarshe, ga kai. In kana ɓangarensu, kana gaban ƙwallo, kada ka wuce ɗan bayan nan sai abokinka ya bugo. Sa'ad da anka bugo aka dubawa, ba sa'ad da tak iso ba. A jifa da bugun kwana babu satar gida."

"Na gane, Kawu."

Da an shiga fili sai ya je ya tsaya kusa da gola yana murmushi. Na yi lallashi, na yi tsawa, wata rana har na yi wurgi da marafan, abin da har yau yake ci mini rai.

Ran nan da la'asar, a filin firamare, na ga ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ɗan bayan. Ya jira. Ana bugowa ya fice kamar zomo, ya zura ta a raga, alƙalin wasa ya nuna tsakiya. Na ruga har gidansu na gaya wa uwarsa. Ta yi guɗa, ta ciro rigar makarantarsa daga ƙasan akwati ta wanke.

Washegari da safe na leƙa su. Rigar na kan igiya, uwar na dama kunu. Yaron ya fito da marafan lemo cike da hannunsa, ya zube su a gabana.

"Kawu, mi ne na satar gida?"

Ludayin ya tsaya a hannunta. Na durƙusa na fara jerawa: ga gola, ga ɗan baya. Ita kuwa ta tashi ta sauke rigar ta mai da akwati, ko bushewa ba ta yi ba.