Gaba Talatin da Biyu

Shekarar da na koma koyarwa a lakwal ɗin garinmu, can bayan Tajaye, duk wata takarda ta gari a kaina take ƙarewa, don ni kaɗai ke rubuta Faransanci. Na kuwa ji daɗin hakan fiye da kima. Sai ga wata ƙungiya daga Yamai ta ce za ta sa famfon hannu a rijiyoyin ƙauyuka, amma a aiko da buƙata ta imel kafin sha biyun ranar Juma'a: sunayen 'yan kwamiti, zurfin rijiya daga baki zuwa ruwa, ranar da aka auna, da takardar mai gari mai hatimi. A ƙasa an rubuta cewa famfonsu ba ya jan ruwan da ya wuce metir arba'in da biyar.

Rijiyarmu ɗaya ce. Mata uku-uku ke kama igiyarta, kuma innata na cikinsu tun kafin a haife ni. Tafin hannunta ya yi kanta har ba ta jin zafin murfin tukunya. Don ita nake son famfon nan, ba na ɓoyewa.

Ranar Juma'ar muka yi sammako zuwa Konni, ni da tsohon da ke yashe mana rijiya. Mai gari ne ya haɗa mu, wai ko za a yi tambaya. Na ce a raina wa zai tambaye shi, inji? Mota ta yi ta tsaye-tsaye, sai wajen ƙarfe goma da rabi muka shiga siber, inda ake hayar kwamfuta. Kawuna na can yana jiranmu. Ya yi shekaru yana buga takardu a buron gwamnati kafin ya yi ritaya, kuma bai yarda da rubutun kowa ba, har nasa.

Na buga saƙona, na sa aka ɗauki hoton takardar mai gari, na kai hannu zan aika. Kawu ya riƙe mini wuyan hannu.

"Ina za ka? Takarda in ta hita ba ta komowa." Ya ɗaga yatsu huɗu. "Suna, lamba, rana, abin liƙawa. Kowane da shaidatai, ba da ka ba."

"Kawu, sha ɗaya ta wuce."

"Na gani. Ɗauko katunan."

Na zaro katunan shaidar 'yan kwamiti biyar. Yana karanta kati, ina bin allo da yatsa. Adireshin ƙungiyar ma sai da muka bi shi harafi-harafi daga takardarsu. Aka zo ranar da aka auna, ya sa na duba kalandar bango, ya tabbatar Litinin ɗin da na rubuta ta dace da kwanan watan, kuma ban ɗauki ƙaramar lambar watan Musulunci ba. Duk daidai. Na fara hura hanci. Fanka tana juyawa a hankali, ni kuma ina ta addu'ar kada a ɗauke wuta.

"Ka tsallake lamba," in ji shi. "Wa ya ba ka ta?"

Na nuna tsohon, yana zaune a bakin ƙofa da takalmansa a hannu.

"To karanta mai da Hausa, da ƙarhi. Lamba da abin da aka auna da shi."

Na karanta kamar mai yi wa yaro bita: "Zurfin rijiya, metir talatin da biyu."

Tsohon ya ɗago kai. "Mi kac ce, Malam?"

"Metir talatin da biyu, Baba. Kai ka faɗa mini."

"Talatin da biyu na ce, hakanan na. Amma ni ban san metir ba. Gaba ce." Ya ajiye takalman, ya buɗe hannuwansa biyu iya tsawonsu, har yatsansa ya taɓa bango.

Sai na tuna. Ranar da muka auna, shi ya zura igiya, shi ya ƙirga, ni ina tsaye a inuwa da biro. Takarda ta ce metir, ya ce talatin da biyu, na rubuta. Ɗan garin ne ni, na san da gaba ake auna igiya tun ina rarrafe, amma ban tambaya ba.

Kawu ya miƙe. Ya fita, ya aro awon tela a shagon da ke maƙwabtaka, ya auna tsohon daga yatsa zuwa yatsa. Metir ɗaya da santi saba'in da biyar. Na yi lissafi a bayan takarda, na sake yi, ko Allah zai sa in yi kuskure. Metir hamsin da shida.

Agogon allo ya nuna sha biyu saura ashirin da biyar.

Na yi ƙasa da murya. "Kawu, ba wanda ya sani sai mu uku. In sun zo da kayansu, ai dole su san yadda za su yi."

"In sun zo da bututu na talatin da biyu, sai ya yi lilo cikin iska. Su kwashe kayansu, su rubuta sunan garinku inda ba ka so. Kuma hatimin mai gari na bisa." Ya ja da baya daga kwamfutar. "Saƙonka na. Ni dai na hwaɗa maka abin da na gani."

Na ji haushinsa har wuya. Na ji haushin tsohon da hannuwansa masu tsawo. Wanda ya kamata in ji haushi kuwa yana zaune a kujerata. Na tuna hannun Inna, na dubi lambar nan, na daɗe ina dubanta. Sannan na goge. Na rubuta gaba talatin da biyu da awon igiya, wato kimanin metir hamsin da shida, muna roƙon a turo mai awo ya tabbatar.

"Saura ɗaya," in ji Kawu, ya ɗaga ƙaramin yatsa. "Buɗe abin liƙawa, kar ka yarda da sunan da ke bisa."

Na buɗe. Takardar mai gari ce, hatimi ya fito sarai, kuma a tsakiyarta ga metir talatin da biyu da rubutun hannuna. Babu halin komawa gari. Kawu ya sa na ƙara layi: lambar da ke cikin takardar da aka liƙa kuskure ce daga marubuci, ta cikin saƙon nan ce daidai, gyararriyar takarda na tafe. Marubucin ni ne, kuma ni na buga hakan da yatsuna. Hoton ya yi ta hawa kamar jaki a rairayi. Saura minti shida allo ya ce an aika.

Bayan mako biyu na koma siber na tarar da amsa. Sun gode da bayani. Famfonsu ba zai kai ba, sun ajiye sunanmu har in an sami na rijiya mai zurfi, ba su san yaushe ba. A gari aka yi ta magana. Wasu suka ce ilimi ya yi mini yawa, famfo ya zo bakin ƙofa na kore shi. Ban yi musu ba.

Inna ce na kasa tunkara. Kwana uku ina kewaye-kewaye, a na huɗu na same ta da safe a bakin rijiya, na tsaya ina haɗa bayani, metir kaza, santi kaza. Ta bar ni na gama tas.

"Gaba talatin da biyu," ta ce. "Da rani talatin da ukku. Da ka tambaye ni tun hwarko, ai ni ka ja."

Ta miƙo mini igiyar, ta koma gefe ta zauna. Na kama tare da matan nan biyu, suna ta dariya. Kafin guga na uku ya iso baki, tafin hannuna ya fashe.