Rubutun Fulatanci a Ƙasan Bango

Shekarar da nake aikin wayar da kai kan gubar dalma a Anka, an aiko mana da shafukan majigi cikin Turanci, aka ce in mayar da su Hausa da Fulatanci don taron masu unguwanni da shugabannin rugage. Abin da muke nema shi ne su yarda a kawo yara gwajin jini.

Ni kuwa akwai yaron da ke raina. Wata matar ruga mai kawo mana nono ta taɓa janye ni gefe, ta kwance goyonta ta nuna mini. Idonsa yana kakkafewa, jikinsa yana fizga. Rugarsu na kusa da inda ake wanke ƙasar zinariya. Ta ce ba ta isa ta kai shi asibiti ba sai surukinta, Arɗo, ya ce to.

Wani malamin makaranta ya yi mini Fulatancin. Wai! Abin da Turanci ya faɗa a layi ɗaya, Hausa sai ta ci biyu, Fulatanci har ya fi. Rubutu ya cika akwatinsa ya zubo, ƙarshensa ya fice daga shafin. Na yanke duk wani surutu, na raba kowane shafi gida biyu, na sa harsunan gefe da gefe, baƙaƙensu girma ɗaya.

Oganmu ya gani ya ce shafuka sun yi yawa, manya za su gaji. Na ce, “Ranka ya daɗe, gajiya ba ta kisa.” Ko kallona bai yi ba. Ya haɗe su, Hausa a sama, Fulatanci a ƙasa, ya kunna abin nan da ke sa kwamfuta ta ƙanƙanta rubutu da kanta har ya shige akwati. Ya shige kam, amma Fulatancin ya koma kamar tururuwa. Wallahi ranar na ji kamar in fasa kwamfutar.

Ranar taro ta zo. Aka haska bango. Arɗo ba ya karanta boko, amma ai yana da ido. Ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna da sandarsa.

“Ɗiyata, wanne na namu?”

Na nuna masa ƙasa.

“Wanga ɗan mitsitsin?”

“Baffa, bari in karanta maka, magana ɗaya ce.”

“A’a, na gani,” in ji shi.

Bai ɗaga murya ba. Ya miƙe ya sa takalmansa, mutanensa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Oga yana ta cewa a zauna, a zauna.

Na fita da gudu. Matar tana gindin darbejiya da ƙwaryarta, tun safe take jiran abin da za a yanke. Arɗo ya wuce ta. Ta dube ni. Ta gyara goyonta, kan yaron ya langaɓe gefe, ta ɗora ƙwarya ta bi bayansu.