Takardar Bashin Maganin Dabbobi

Shagona na maganin dabbobi yana bakin kasuwar Zurmi, kuma tun da na buɗe shi wurin dila guda nake sarin kaya, wani Alhaji a Kaura Namoda. In ɗauka bashi, in sayar, in kai masa kuɗinsa. Haka muke har shekarar da hanyoyi suka lalace, Fulanin da ke saye wurina suka kora shanunsu suka bar yankin, wasu da kuɗina a hannunsu. Magani ya zauna a kanta har wani ya lalace. Aka wayi gari Alhaji yana bi na naira miliyan biyu da dubu ɗari huɗu, lokacin biya kuma ya wuce da watanni.

Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Sai dai harkar ta koma hannun babban ɗansa, shi kuwa ya kira ni ya ce kamfanin da ke ba su kaya ya matsa musu. In rubuto yadda zan biya, in tsarin bai yi musu ba za su kai maganar gaban alƙali.

Na rubuta shafi biyu cike. Na kawo amincinmu da mahaifinsa, na lissafa duk masifar da ta same ni, na rufe da cewa zan biya duka cikin wata uku in Allah Ya hore. Ni kaina da na karanta sai da idona ya kawo ruwa.

Kafin in kai, na biya Shinkafi wurin yayata, wadda ta daɗe tana aikin ba da rance a wani ƙaramin banki kafin ta yi ritaya. Na same ta tana gyaran zogale a tsakar gida. Ta goge hannu, ta karanta har ƙarshe, ta miƙo mini.

"Auta, wagga takarda ta ta'aziyya ce. Ina za ka samu miliyan biyu cikin wata uku?"

Na ce ina dai fata. Ta ce mai bin bashi ya riga ya san an shiga wahala, abin da bai sani ba shi ne nawa zai karɓa, yaushe, kuma daga ina kuɗin za su fito. Alkawarin da ya fi ƙarfina kuwa, da ya gani zai daina yarda da sauran abin da na rubuta.

Ta sa na faɗa mata cinikin shagon na gaskiya, ta cire kuɗin cefane da haya da na sake saro kaya. Abin da ya rage ya ba ni kunya, amma ta ce a kansa za mu gina. Muka soma da amsa bashin, adadinsa cif, ba kwana-kwana. Dalilin jinkiri ta matse shi ya koma layi biyu. Na yarda in sayar da bijimina da nake kiwo, in ba da dubu ɗari huɗu ranar sa hannu. Sauran miliyan biyu muka raba: dubu ɗari duk wata a watanni huɗu na damina, lokacin da kuɗin mutane ke gona, sannan dubu ɗari biyu duk wata na wata takwas daga kaka. Muka sa ranar biya a kowane wata. Muka ƙara cewa sabon kaya kuɗi hannu zan saya har in gama, in kuma wani wata zai gagare ni zan sanar tun kafin ranar ta zo. Mijinta ya amince ya tsaya mini.

Na so in mayar da zancen amincinmu da Alhaji. Ta bar mini jimla ɗaya ta godiya.

A Kaura, ɗan Alhaji ya karanta yana danna lissafi a wayarsa. Ya tambayi abin da ya sa kuɗin damina suka yi ƙasa, na yi masa bayani. Ya shiga wurin mahaifinsa, ya ɗan jima, ya fito.

"Baba ya yarda. Amma mai tsaya maka ya zo da kansa ya sa hannu, kuma ta banki za ka riƙa turowa, kowa ya samu shaida."

Ban san lokacin da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba, har masu sauke kwalaye suka waigo.

A tashar motar Zurmi na ji yunwar da na yi makonni ban ji ba. Na sayi ƙosai mai zafi na ci a tsaye. Wata ɗaya ne kawai cikin damina kuɗin suka so su gagara, na kira ɗan Alhaji tun da wuri, ya ƙara mini mako. Da kaka ta yi, wasu daga cikin Fulanina suka dawo, har mutum biyu suka kawo tsohon bashinsu ba tare da na tambaya ba.