Koren Ɗigo a Fatar Albasa

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kira sunana ba. A Zurmi wannan ba abin labari ba ne. Idan yana son a aike ni sai ya dubi ƙanena ya ce, "Gaya ma wancan shi kai jaki rahi," alhali wancan yana zaune gabansa yana suɗe kwano. Innarmu ma haka. Na girma, na yi karatu, aka tura ni ƙasar waje, na dawo na fara koyarwa a jami'a, ina nan a wancan ɗina. Ban taɓa ƙorafi ba, amma abu guda ya tsaya mini a rai: ina son mutumin nan ya ga aikina da idonsa, ko sau ɗaya.

Aikin kuwa ga shi. Kowane tsiro an gina shi ne da 'yan ɗakuna ƙanana da ido ba ya gani, su ake kira ƙwayoyin halitta, kuma masu aiki a cikin ɗakunan su ne furotin iri-iri. Ni furotin guda nake bi, na dawar da muke nomawa, wanda ake zaton yana da hannu a yadda take jure fari. Tambayar ita ce a ina yake zaune: jikin bangon ɗakin, ko cikin cibiyar da ke tsakiya inda ake ajiye umarnin gado? Shi ba shi da launi, ko ka sa na'urar ƙara girma ba ka ganinsa. Sai a yi masa dabara. Akwai wata halittar teku mai kama da jiƙaƙƙiyar leda, tana da furotin da idan ka haska masa shuɗin haske sai ya mayar maka da kore. Sai ka haɗe umarnin gadon wannan da na naka su zama ɗaya, ka shigar cikin ƙwayar halitta, ita da kanta za ta ƙera furotin ɗinka da 'yar fitila maƙale a gindinsa. Ka haska shuɗi, gilashin tacewa na na'urar ya tare shuɗin ya bar kore kaɗai ya iso idonka. Inda ka ga kore, nan mutumin yake.

Kuskuren da aka samu, na yi wannan bayani a zauren gidanmu ranar wata Sallah. Na ce ina shiga ɗaki mai duhu, in toshe tagogi da bargo, in leƙa cikin gilashi in gano inda abin da ba a gani yake ɓoye. Shekarun nan kuwa Shari'a ta zauna a jiha, kowa kunnensa a miƙe yake kan bokaye da 'yan duba. Kafin in koma bakin aiki wata tsohuwa daga Ɗan Isa ta yi sallama da ni kan tunkiyarta da ta ɓata. Na nuna musu hotunan da na ɗauko a ƙasar waje, suka ce ai hoto kowa ya iya shafa masa fenti.

Kawuna, yayan Inna, magatakarda ne a wata kotun Shari'a, mutum ne da ko gaisuwa sai ya nemi shaidu. Shi ya yanke cewa a je a gani. Na yi ta fushi a fili, amma a ciki murna nake, don an ce har da Baba za a zo.

Na shirya abin a fatar albasa, siririyar nan ta cikin ɓawo mai kama da yanar ido. Ita ake so saboda layi ɗaya ce, ɗakunanta manya, kuma ba ta da koren ganye da zai yi ta jan ƙyalli yana dame hoto. Wata ƙwayar cuta ta tsirrai ke kai umarnin gadon cikin ɗakunan, a jira kwana biyu ko uku. Ba kowane ɗaki ke karɓa ba. Wannan karon kaɗan suka karɓa, kuma mai kyan gani a cikinsu ɗaya tal.

Suka iso da hantsi a motar haya, ta Ƙaura Namoda suka biyo: Kawu, da limamin unguwarmu, da abokin Baba mai sayar da albasa a kasuwar Shinkafi, wanda aka ɗauko a matsayin masanin albasa, sai Baba a baya yana kallon rufin ginin kamar shi ya zo saye.

Na tayar da janareto, na rufe ƙofa. Liman ya yi bisimilla da ƙarfi. Kafin a fara na roƙe su. Na ce fitilar nan ta kore ba ta da yawan rai, hasken da ke sa ta ƙyalli shi ne kuma yake kashe ta, duk daɗewar da aka yi ana haskawa tana dusashewa, kuma in ta mutu ba ta dawowa. Kowa ya leƙa ya ɗaga, ni kuma in riƙa rufe hasken tsakanin mutum da mutum.

"A'a," in ji Kawu. "Ba ka taɓa komi. In kana rufewa kana buɗewa, wa ya san abin da kaka musanyawa? Koma can ka tsaya, hannuwanka inda muka ganinsu."

A cikin duhun da ba a ganin ko hanci. Na koma jikin bango na ɗaga hannuwa.

Na ce to Baba ya fara. Bai matso ba. Can na ji muryarsa, ba da ni yake ba, da Liman yake.

"Malam, bisimilla. Ni mi nas sani?"

Liman ya ce a'a Alhaji, kai ne uba. Baba ya ce a'a Malam, ilimi ke gaba. Suka yi ta miƙa wa juna girma, fitila na ci. Ina jin kowace gaisuwa kamar ana zare mini jini.

Da Liman ya sa ido sai ya yi kabbara. Ya ce ga ɗakuna jere kamar tubali, ga ɗigo kore shar a cikin ɗaya, kamar tauraro. Na ce daga inda nake tsaye, wannan ita ce cibiya, ke nan furotin ɗin can yake aiki inda umarni yake. Maimakon ya ɗaga sai ya gyara tsayuwa ya fara wa'azi kan ikon Allah, ido na kan gilashi. Wa'azi mai kyau ne, wallahi, ban taɓa ƙin wa'azi kamarsa ba.

Kawu ya karɓa. Shi tambayoyi ya zo da su. Ta yaya aka san fitilar ba ita kaɗai ta tafi yawonta ba? Tambaya ce ta gaske, har na ji haushin kyanta. Na ce idan aka saka fitilar ita kaɗai ba a haɗa ta da kowa ba, bazuwa take yi ko'ina cikin ɗakin, da cibiyar da kewayenta. Taruwarta wuri guda shi ke nuna wani ya ja ta can. Ya ce a maimaita, a hankali. Ya duba da idon dama, ya duba da na hagu, wai kowanne shaida ne mai zaman kansa.

Mai albasa ya fi kowa daɗewa, kuma bai ce uffan kan kore ba. Ya ɗago ya ce wannan albasar ba ta yi kwari ba, an cuce ni, ta rani ce da aka cire ba ta nuna ba.

"Baba," na ce, "don Allah."

"Ina direba?" in ji Baba. "Bawan Allah ya kawo mu tun da asuba, a bar shi waje?"

Aka fita neman direba. Aka same shi wajen mai shayi. Ya zo ya leƙa, ya ce shi dai yana ganin wani abu kamar kore kamar ba kore ba, ya yi godiya ya koma ga shayinsa.

Sannan Baba ya matso. Ya cire hula, ya sunkuya. Na san abin da ke ciki, domin na san fitilar da nake aiki da ita. Ya daɗe. Baba bai iya ƙarya ba ko ta kara.

"Ban ga komi ba," ya ce wa Liman. "Duhu na."

Kawu ya bayyana cewa shaidu biyu adilai sun gani, direba rabi, saboda haka ba duba ba ne, albasa ce. Aka yi fatiha. An wanke ni, kowa na murna, ni kuwa ji nake kamar in zauna a ƙasa in yi kuka da gemuna. Na buɗe tagogi don kada a ce ban yi komai ba.

A bakin mota Baba ya tsaya yana gyara takalmi. Ya ce wa Kawu, "Tambayi wancan, kwana nawa albasan nan ka yi kahin ta kama?" Na amsa wa Kawu, Kawu ya amsa masa, muna tsaye mu uku kafaɗa na gugar kafaɗa. Sai Baba ya ce su tafi, shi idonsa ke damunsa, tunda an zo birni zai tsaya a duba shi asibiti. Mutumin da ke hango ɓera a gona daga kan hanya. Mai albasa ya zaro manya guda biyu daga aljihun babbar riga ya danƙa mini, ya ce in daina sayen shara.

Baba bai taɓa kwana gidana ba sai wannan karon. Bai je asibiti ba. Ya zauna a zaure yana hira da maƙwabta, idan na wuce ya kau da kai.

Na sake shirya abin da sabuwar albasar. Ranar da ta kama, muka tafi da safe, yana gaba ina baya kamar ba tare muke ba. Albasar Shinkafi ta yi abin kirki, ɗakuna da yawa sun karɓa. Na rufe ƙofa, na nemo mafi kyau, na daidaita, na rufe hasken. Babu Kawu, babu Liman, babu wanda zai aika da magana ta bakinsa. Na kama hannun rigarsa na kai shi gaban na'urar, na buɗe.

Ya sunkuya, ya sa ido.

"Wanga na?" ya ce. "Wanga ɗan koren na tsakiya?"

"Shi ne, Baba."

"Na dawa?"

"Na dawa."

"Kai kas sa mai hitila?"

Kai. Ni ke nan. Na ce e. Ban ƙirga ba, amma bai kai rabin wa'azin Liman ba sai na ji ya damƙi wuyan hannuna a cikin duhu, damƙar mai riƙe galma.

"Ruhe, ruhe! Kar in cinye ta. A rage ma uwarka."

Inna tana Zurmi, ba ta taɓa zuwa birnin nan ba, kuma fatar albasar nan ba za ta kai gobe da rai ba. Ban gaya masa ba. Na rufe hasken, muka tsaya a duhu, bai saki hannuna ba.